Aikin duba kundin kayan shago da daddare, inda aka kwana

Litinin, 3 Fabrairu 2025

Yau na fara aikin da muka yi magana da Alhaji tun watan jiya. Shagon atamfa ne da shadda da leshi a Kwari, suna da shafin sayarwa a kan WooCommerce, kaya sun kai wajen dubu uku in aka haɗa da kaloli, kuma yaran shago ne ke saka kaya da waya a tsakanin ciniki. Abin da ke faruwa shi ne kwastoma ce ke fara ganin ɓarna kafin mu, sai ta turo hoton fuskar wayarta ta WhatsApp tace wannan leshin ba hoto, ko tace da gaske atamfar nan naira 12 ce? Azumi kuma ya kusa, ana sa ran farkon Maris, kowa ya san yadda Kwari ke zama in an fara sayayyar kayan sallah, don haka so nake kafin lokacin a samu wani abu da zai riƙa bin kayan nan ɗaya bayan ɗaya kullum da daddare, da safe a tarar da rahoto.

Abu uku zai duba, hoton da ya mutu, gurbin da aka bari ba a cike ba, da farashin da bai yi kama da gaskiya ba. Da Python zan rubuta, zai ɗebo kayan ta `/wp-json/wc/v3/products`, kuma a nan ba a ba ka fiye da 100 a tambaya ɗaya, sai ka yi ta bin shafi shafi har su ƙare.

Maganar lokaci na yanke ta tun yau. WordPress yana da nasa agogon, WP-Cron, amma shi baya tashi sai wani ya buɗe shafin, in dare ya yi ba wanda ya shigo to aikin ƙarfe uku zai iya kaiwa ƙarfe bakwai yana jira. Shi ya sa na koma cron na sabar kanta:

```
30 2 * * * flock -n /tmp/duba.lock python3 /opt/duba/duba.py
```

Sabar tana kan agogon UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka 2:30 ɗin nan 3:30 ne na dare a Kano. Shi kuma `flock` aikinsa in na jiya bai gama ba kar na yau ya hau kansa su zama biyu suna jan saba.

Alhamis, 6 Fabrairu

Hotuna. Hanyar da kowa ke fara bi ita ce a tambayi adireshin hoton, in saba ta amsa 200 lafiya lau, in ta amsa 404 ya mutu. A wannan shafin hakan bai isa ba sam. Akwai wani leshi mai ruwan ƙasa da kowa a shago ya san hotonsa baya fitowa, yana cikin waɗanda aka kawo ƙorafi a kansu, amma adireshinsa 200 yake dawowa da ita. Da na bi sawu sai na ga can baya an saka wa shafin wani ƙari da ke kama duk adireshin da babu shi ya tura shi shafin farko, wai kar baƙo ya ga saƙon kuskure. To ka tambayi hoto, a ba ka 301, a kai ka shafin gida, shi kuma ya amsa 200 da gaskiyarsa don yana nan, amma abin da ya zo rubutun shafi ne ba hoto ba, `Content-Type` ɗinsa ma `text/html` ne.

Yanzu ba na tsayawa a lambar amsa, sai na leƙa farkon fayil ɗin da kansa. Kowane irin hoto yana da tambarin da yake farawa da shi, JPEG yana farawa da `FF D8 FF`, PNG da `89 50 4E 47`, WebP kuma `RIFF` a farko sai `WEBP` daga bayit na tara. Bayit 12 na farko sun isa a gane.

```python
r = requests.get(url, stream=True, timeout=15)
kai = r.raw.read(12, decode_content=True)
jpeg = kai[:3] == b"\xff\xd8\xff"
```

Da na yi haka sai matattun suka fito, kuma da yawansu ciwo ɗaya ke damunsu. Leshin nan sunan fayil ɗinsa a ajiyar bayanai `ruwan-ƙasa.jpg` ne, da ƙ mai lanƙwasa, a adireshi tana zama `%C6%99`. Lokacin da aka kwashe shafin daga tsohuwar saba zuwa wannan bara, an dunƙule hotunan a fayil ɗaya aka kwance a nan, a hanya harafin ya rikiɗe ya koma wasu alamomi marasa ma'ana. Hoton yana nan kwance a saba, sunansa ne ya canza. Duk wanda ke da ƙ ko ɗ ko ɓ a suna abin ya shafe shi, ɗan kwali, baƙi, ƙaramin zane duk sun shiga. Abin ya ɗan sosa min rai don yaran ba su yi laifin komai ba, Hausa suka rubuta daidai. Na mayar da sunayen yadda suke, amma na roƙe su daga yanzu sunan fayil ya zama lambar kaya kawai, Hausar a zuba ta a sunan kayan da bayaninsa inda ba abin da zai taɓa ta.

Talata, 11 Fabrairu

Ƙarin abu biyu a kan hotuna. Na ɗaya, akwai hoton da farkonsa daidai ne amma rabi ne, za ka ga saman atamfar ya fito ƙasan ya zama toka-toka, irin wanda aka yanke ana tsakiyar kwafa. Bayit 12 ba za su kama wannan ba, sai an sauke hoton duka an buɗe shi da Pillow, in guntu ne `load()` zai yi ƙorafi da `image file is truncated`. Sauke hoto dubbai kullum nauyi ne a kan ƙaramar saba, don haka cikakken duban na hotunan da suka shigo sabo ne kawai, sai kuma ranar Juma'a a bi duka.

Na biyu, rashin amsa ba mutuwa ba ce. In lokaci ya ƙure ko saba ta ce 503 ko 429 to ta gaji ne ko tana cewa a rage sauri, ba hoton ne ya ɓace ba. Irin wannan sai ya faɗi dare biyu a jere kafin ya shiga rahoto, 404 da rubutu a madadin hoto su kuma nan take.

Asabar, 15 Fabrairu

Guraben da ba a cike ba sun fi sauƙi, ba zan daɗe a kai ba. Abin lura shi ne komai a ido ba shi ne komai a ajiya ba, bayanin kaya zai iya zama `<p> </p>` wanda mutum bai ga komai ba amma kwamfuta tana ganin rubutu, ko yaro ya saka ɗigo uku don ya wuce. Ina cire duk alamomin HTML tukuna, in abin da ya rage bai kai haruffa 20 ba na ɗauke shi a matsayin babu. Sannan kaya mai kaloli da yawa uwar ba ta da `regular_price` dama can, farashin yana jikin kowace kala, to a kan waɗannan 'ya'yan ake bi ba uwar ba.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne bambancin farashin da ba a rubuta ba da farashin 0. In gurbin babu komai WooCommerce baya barin a sayi kayan, maɓallin sakawa a kwando ma baya fitowa, ciniki ne kawai ya wuce ka. In kuma 0 aka rubuta to kyauta ka bayar, za a iya yin oda a gama. Na farko gobe ma a gyara, na biyu ba ya kwana.

Na kuma ƙara gurbi ɗaya da na ce dole ne, ma'auni, wato turmi ne ko yadi. Kusan rabin kayan ba su da shi.

Laraba, 19 Fabrairu

Farashi, nan ne aikin yake. Alhaji ya ce min Malam ai mai sauƙi ne, ka ce duk abin da ya gaza dubu biyar ko ya haura dubu ɗari biyu a kawo mana. Na ce Alhaji a shagonka akwai ɗan kwalin da bai kai dubu biyar ba kuma daidai ne, akwai shaddar gezna da ta haura abin da ka faɗa kuma daidai ne, sannan in aka rubuta wa Super dubu ashirin ta faɗa tsakiyar iyakarka lafiya lau alhali asara ce babba. Ya ce haka ne kam.

Farashi ba ya zama baƙo shi kaɗai, sai an jera shi da 'yan uwansa. Don haka na raba kayan gida gida, Super daban, kodebuwa daban, ƙananan atamfofi daban, shadda ma kowace da ajinta, sai a kwatanta kowane kaya da farashin tsakiyar gidansu. Kuma na tsakiya nake nufi, wanda in ka jera su daga ƙarami zuwa babba shi ne a tsakiya, ba wanda ake tarawa a raba ba. Ga dalili. Ɗauki atamfa biyar, 17,000 da 18,000 da 18,500 da 19,000, ta biyar kuma an yi kuskure ta zama 1,850,000. In ka tara ka raba biyar za ka samu 384,500, sai huɗun nan masu gaskiya su ne za su zama kamar sun yi araha fiye da kima, kuskure ɗaya ya ja ma'aunin gaba ɗaya. In kuwa ka ɗauki na tsakiya 18,500 ne, mai kuskuren ko biliyan ta kai ba za ta motsa shi ba.

Dokar da na saka: in farashi ya ninka na tsakiya sau uku, ko ya gaza kashi ɗaya cikin ukunsa, a nuna shi. Gidan da kayansa ba su kai takwas ba kuma ba na amfani da wannan dokar don tsakiyarsu ba ta da ƙarfi, sai dai a kwatanta kayan da farashinsa na jiya.

Litinin, 24 Fabrairu

Abin da ya fi min daɗi a aikin nan zuwa yanzu shi ne yawan ninkin da kansa yana faɗa maka irin kuskuren da aka yi. Na zauna da waɗanda aka kama na bi su ɗaya ɗaya sai na ga iri huɗu ne ke ta maimaituwa.

In farashi ya kusa kashi ɗaya cikin shida na tsakiya, kuɗin yadi aka rubuta a gurbin turmi, tunda turmin atamfa yadi shida ne. Wata atamfa a gidan da tsakiyarsu 18,000 an saka mata 3,000, da na tambayi yaron da ya saka ya ce Yaya ai wata ce ta tambaye ni kuɗin yadi ina cikin sakawa, hannuna ya rubuta abin da bakina ya faɗa. Wannan kuskuren shi ya fi haɗari a wurina don 3,000 bai yi kama da shirme ba, mai saye za ta ɗauka ragi aka yi, ta yi odar turmi goma ta biya, kuma in ka kira ta kace kuskure ne ranta zai ɓaci da hujja.

In ninkin goma ne, sifiri ɗaya ya faɗi ko ya ƙaru. In ɗari ne, kobo ne. Hanyoyin biyan kuɗi irin Paystack a kobo suke karɓar adadi, naira 18,500 ana tura ta 1850000, to akwai wani tsohon tebur da aka yi don haɗa hanyar biya wanda duk farashinsa a kobo yake, wani ya kwafo layuka daga can.

Na huɗu shi ne atamfar naira 12 ɗin nan da aka daɗe ana mamakinta. Yaran suna rubuta 12,500 da waƙafi a Excel a gurbin da aka ajiye a matsayin rubutu, akwai kuma wani ɗan shirin PHP da aka yi musu tuntuni mai ɗebo farashi daga teburin, shi kuma PHP in ka ce masa `(float)"12,500"` yana karanta lamba har ya iso waƙafi sai ya tsaya, ya ba ka 12. Duk farashin da ka gani 12, 18, 45 a shagon yadi, to dubbai ne aka sare musu wutsiya. Na gyara shirin ya riƙa cire waƙafi kafin ya karanta.

Yanzu rahoton baya cewa farashi baƙo ne kawai, yana cewa mai yiwuwa kuɗin yadi ne, ko mai yiwuwa kobo ne. Wanda zai gyara ya san inda zai duba kafin ma ya buɗe kayan.

Talata, 4 Maris

An shiga azumi ranar Asabar, Allah ya karɓa mana. Jiya aka ƙara kuɗin shadda gaba ɗaya saboda sabon kaya ya zo da tsada, kusan kashi 15 cikin ɗari a kan kowace. Dokar kwatanta da jiya tana nuna duk abin da ya motsa fiye da kashi 10, don haka rahoton safe ya zo da layi sama da ɗari biyu, duk shadda, duk daidai. A tsakiyarsu kuma akwai leshi ɗaya da aka saka wa 0. Yarinyar da ke karɓar oda ce ta gan shi wajen azahar bayan har an yi odarsa, rahoton ya faɗa tun asuba amma yana layi na ɗari da wani abu, ba wanda ya kai nan.

Wannan ya fi damuna a kan duk maganar lissafi. Yaran nan da azumi a bakinsu, kwastomomi cike da shago, ba wanda zai karanta layi ɗari biyu a waya, kuma in suka saba wucewa ba su karanta ba to ranar da abu na gaske ya zo ma wucewa za su yi. Tun 2023 da aka saki naira farashin kayan da ake shigowa da su baya zama wuri ɗaya, don haka ƙarin kuɗi na gida guda ba abin mamaki ba ne a kasuwar nan, dole shirin ya san da haka.

Gyaran da na yi: kafin a duba kaya ɗaya ɗaya, a fara duba yadda tsakiyar gidan ta motsa daga jiya. In duk gidan ya hau da kashi 15 sai a rubuta layi ɗaya, shadda ta hau da kashi 15, sannan a nuna waɗanda suka saɓa wa tafiyar kawai, wanda aka manta ba a ƙara masa ba ko wanda ya hau da kashi 150. Da na sake gudanar da shi a kan bayanan jiya layukan sun koma ƙasa da goma, kuma wasunsu shaddojin da aka tsallake ne ana ta sayar da su a tsohon farashi, wanda da can ba dokar da za ta kama su tunda ba su motsa ba.

Na kuma raba rahoton biyu. Ja, shi ne farashi 0, farashin da ya gaza 500, da ninkin shida ko goma ko ɗari, wannan kowace awa ake dubawa kuma yana zuwa a sama. Sauran, hoto da bayani da ma'auni, sau ɗaya da safe, kuma abin da aka riga aka faɗa jiya baya sake fitowa a matsayin sabo, ana dai rubuta adadinsu a ƙasa.

Laraba, 12 Maris

Mun ɗan ja da Alhaji bayan la'asar. Ya ce tunda abin naka ya san kuɗin yadi ne, me zai hana ya ninka shida da kansa ya huta da mu? Na ce Alhaji hasashe yake yi, bai sani ba. Satin nan ma ya nuna wata atamfa ta 6,000 a gidan 19,000, ashe ragowar yanka ce yadi biyu kai da kanka ka ce a saka ta haka, da ya gyara da ya mayar da ita farashin da ba wanda zai saya kuma ba wanda zai san an taɓa. Ina ganin shirin da ke canza farashi cikin dare ba tare da sanin mai kaya ba ya fi kuskuren da muke gudu haɗari.

Inda muka tsaya, abu ɗaya kawai zai yi da hannunsa, in farashi 0 ne ko ƙasa da 500 zai mayar da kayan `draft` ya ɓace daga shafi har mutum ya duba, don ba abin da ake sayarwa a shagon da wannan kuɗin kuma ɓoyewa ba ta ɓata komai, dannawa ɗaya ce ta dawo da shi. Ragowar yanka kuma na yi musu alamar `an-duba`, in an saka ta shirin zai ƙyale kayan har sai farashinsa ya sake canzawa.

Alhamis, 20 Maris

Daren jiya rahoto ya zo da babban rubutu, AN DUBA KAYA 0. Wani ya shiga saitin shafin yana share tsofaffin makullan API ya haɗa da namu, saba ta riƙa amsa 401. Dama tun farko na sa shirin ya riƙa kwatanta adadin da ya duba da abin da `X-WP-Total` ya ce akwai da kuma adadin jiya, saboda shirin da bai ga kaya ba ba zai ga matsala ba, in ba a yi hattara ba sai ya turo cewa komai lafiya. An yi sabon makulli, na sa masa suna a fili yadda duk wanda ya gani zai san na mene ne.

Amma wannan ya tuna min ramin da ya rage, in sabar ce ta mutu ko cron bai tashi ba, ba rahoton da zai zo ko na kuskure, kuma a makon sallah ba wanda zai lura saƙo bai zo ba. Yau na haɗa shi da wani mai sa ido a wata sabar daban, duk lokacin da duba ya kammala sai ya taɓa wani adireshi a can, in aka yi awa 26 ba a taɓa ba wancan zai turo min saƙo a waya. Na gwada, na kashe layin cron na rage wa'adin zuwa minti goma, saƙon ya shigo.

Daga yau ba zan ƙara taɓa dokokin ba sai bayan sallah. Abin da ke jira shi ne hoton da yake lafiyayye amma na wani kayan ne, an samu atamfa biyu masu lamba daban da hoto ɗaya, wannan zan iya kama shi ta kwatanta fayilolin in iri ɗaya ne sak. Gurbin ma'auni kuma har yanzu akwai shadda da yawa da ba a cike ba, ita ba yadi shida ake yanka ta ba, wasu biyar wasu goma, don haka dokar ninki shida ba ta aiki a kanta sai an cike. Yaran sun ce ranar Asabar bayan tarawi za su zauna a kai.